Yadda ake duba alƙaluman kilik da bawuns don gane sakin layin da za ka fara gyarawa

Idan shafinka na samun baƙi amma ba mai kira, ba mai turo saƙo, kada ka tashi ka goge rubutun duka ka sake sabo. Galibi wuri ɗaya ne mutane ke zubewa, kuma alƙaluma na iya nuna maka wurin. Zan ɗauki misalin shafin wani mai sayar da shinkafa 'yar gida a Birnin Kebbi, mai sakin layi biyar, da botin na WhatsApp can ƙasa. Lambobin da zan kawo duk na misali ne don ka ga yadda lissafin ke tafiya, naka za su bambanta.

Kayan aiki

Abubuwa ukku ne kuma duk kyauta: Google Search Console, Google Analytics 4, sai Microsoft Clarity. Na farko yana faɗa maka abin da mutane sunka rubuta a Google kafin su zo, da ko sun danna ka. Na biyu shi ke ba da bawuns, wato baƙin da sunka shigo sunka fita nan take ba su yi komai ba. Na ukkun shi ke nuna inda mutane sunka tsaya da gangarawa cikin shafin, kuma shi ne wanda sabbin shiga sun fi mantawa da shi alhali in babu shi zancen sakin layi duk hasashe ne. Idan WordPress kake amfani da shi, Site Kit zai haɗa maka biyun farko, Clarity kuma na da nashi fulogin. In ba WordPress ba ne, kowanne zai ba ka ɗan kod ka liƙa cikin `<head>` na shafin.

Sai kwamfuta in akwai, don taswirar Clarity na wahalar kallo a ƙaramin sikirin. In babu, buɗe burauza a waya ka kunna `Desktop site` ka kwantar da wayar. Sai biro da takarda. Sai haƙuri na sati huɗu bayan ka sa kayan, don alƙaluman kwana biyu ko ukku ba abin da za su gaya maka.

1. Ka sa wa kowane sakin layi lamba, a waya

Buɗe shafin a waya, ba a kwamfuta ba, tunda masu shigo maka nan yankinmu kusan duk da waya suke. Rubuta 1 zuwa 6 a takarda, gaban kowace lamba ka rubuta aikin da sakin layin ke yi da kalma biyu ko ukku. A misalinmu: 1 gabatarwa, 2 ire-iren shinkafar da ake da su, 3 tarihin injin da yabon inganci, 4 yadda ake kai kaya, 5 yadda ake biya, 6 botin na WhatsApp. In ka zo kan wani ka rasa abin rubutawa a gabanshi, sa mashi alamar tambaya ka wuce.

Ka kuma lura da inda sikirin na farko ya ƙare, wato abin da mutum ke gani kafin ya taɓa komai.

2. Ka faɗa wa Analytics abin da kake so baƙo ya yi

Wannan matakin mutane ke tsallakewa, kuma shi ke ɓata lissafin bawuns tun daga tushe. Tun da Google ta tsayar da tsohon Analytics ranar 1 ga Yuli 2023, ma'anar bawuns ta canza. Yanzu ana ƙirga ziyara a matsayin mai amfani in ɗayan ukku ya faru: mutum ya wuce sakan 10, ko ya buɗe shafi biyu ko fiye, ko ya yi wani abu da ka sa wa alamar `key event`. Duk ziyarar da ba ta cika ko ɗaya ba ita ce bawuns. Saboda haka in ka ci karo da tsohon bayani mai cewa bawuns shi ne wanda ya kalli shafi ɗaya ya fita, wancan na tsohon tsari ne.

To ka ga matsalar: wani ya shigo, cikin sakan bakwai ya gangara ya danna WhatsApp ya tafi yana ciniki da kai, amma Analytics ta rubuta shi cikin waɗanda sunka gudu. Don kauce wa haka, tabbatar `Enhanced measurement` na kunne, don shi ke kama danna linkin da ke fita waje, har da na `wa.me`. Sannan ka shiga `Admin`, `Events`, `Create event`, ka sa sharuɗɗa biyu:

```
event_name equals click
link_url contains wa.me
```

Ba shi suna kamar `whatsapp_click`, ka sa mashi alamar `key event`. Idan lambar waya ce kake so a danna ba WhatsApp ba, kar ka dogara da wannan hanyar, yi ta da Google Tag Manager, ko kuma ka ƙirga dannawar daga taswirar Clarity kawai. Ka sani kuma wannan gyaran ba ya komawa baya, daga ranar da ka yi shi yake fara aiki.

3. Fara da Search Console, don ka tabbatar laifin na cikin shafin ne

Shiga `Performance`, sa kwana 28, sa filta ta `Page` ka liƙa adireshin shafin. Duba `Impressions`, `Clicks`, `CTR` da `Average position`. A ce an nuna shafin sau 6,000, an danna sau 420, wato bakwai cikin ɗari. Wannan ba laifi. Amma da a ce shafin na fitowa cikin na sama-sama kuma ba a dannawa, to ba sakin layi ne matsalarka ba tukuna, take ne da ɗan bayanin da ke fitowa ƙarƙashinshi a Google. Mutumin da bai shigo ba bai karanta sakin layi ko ɗaya ba, gyara taken ka dawo bayan sati huɗu. In kuma shafin na can shafi na biyu ko na ukku na Google, ƙarancin kilik ba abin mamaki ba ne, kar ka zargi taken.

Abin da ya fi amfani nan shi ne `Queries`. Kwafe guda biyar na sama a takarda. A misalinmu a ce ukku daga ciki duk tambayar farashi ne: farashin buhun shinkafa a Kebbi, nawa ne buhu kilo 50, da makamantansu. Riƙe wannan da kyau, don shi ne tambayar da baƙo ya shigo da ita a ranshi, kuma da ita za ka auna kowane sakin layi.

4. Fito da bawuns ka karanta shi yadda ya kamata

Analytics ba ta nuna bawuns kai tsaye, sai ka ƙara shi. Je `Reports`, `Engagement`, `Landing page`, danna alamar fensir ta `Customize report`, shiga `Metrics`, ƙara `Bounce rate`, ka yi `Apply` da `Save`. In ba ka ga fensir ɗin ba, ba ka da izinin `Editor`, sai mai asusun ya ba ka. In ba hali, duba `Engagement rate` ka cire shi daga 100, abin da ya rage shi ne bawuns.

Kar ka tambayi kowa nawa ne bawuns mai kyau, babu lamba ɗaya da ta dace da kowa. Kwatanta shafin da sauran shafukanka masu irin aikinshi. Kuma ka raba shi gida-gida: waya daban kwamfuta daban, masu zuwa daga Google daban masu zuwa daga Facebook daban. Wanda ya danna linki a Facebook yana cikin zaman hira ba ɗaya yake da wanda ya zauna ya rubuta tambaya a Google ba, in ka haɗa su wuri ɗaya za ka samu lambar da ba ta kowa ba ce.

Abin da nake so ka fahimta shi ne, tunda iyakar sakan 10 ce, bawuns ya fi ba da labarin farkon shafi. Wanda ya zauna ya karanta har sakin layi na ukku sannan ya gaji ya fita, ya wuce sakan 10, Analytics na ganinshi mutumin kirki ne, ba zai taɓa fitowa cikin bawuns ba. Don haka bawuns ƙasa-ƙasa ba shaida ce rubutunka na aiki ba. In kuma ya yi sama ƙwarai, kafin ka taɓa rubutu gwada saurin lodin a PageSpeed Insights, kuma ka buɗe shafin da datar waya a inda netwok ke da rauni, ba da wayifai na ofis ba. Hoton buhuna mai nauyin megabait huɗu a saman shafi ya isa ya kori mutumin da ke Bunza ko Suru kafin harafi ɗaya ya bayyana mashi, kuma wani lokacin ma ba za a ƙirga shi ba tunda kod ɗin bai kai ga lodi ba.

A misalinmu a ce bawuns na masu waya 34 cikin ɗari ne, lodin kuma lafiya lau. Ajiye lambar.

5. Taswirar gangarawa: ƙirga kawuna a kowane sakin layi

Yanzu Clarity. Shiga `Heatmaps`, zaɓi shafin, zaɓi `Mobile`, sa kwanaki iri ɗaya da na baya, danna `Scroll`. Za ka ga shafinka da launi, ja a sama yana dushewa zuwa ƙasa. Launin ba shi ne abin kallo ba. Ka ɗora linzamin kwamfuta daidai farkon kowane sakin layi, zai nuna maka kashi nawa sunka iso nan. Mai da shi adadin mutane ka rubuta. A ce baƙi 500 ne:

Sakin layi 1: 500
Sakin layi 2: 440
Sakin layi 3: 400
Sakin layi 4: 210
Sakin layi 5: 180
Botin na WhatsApp: 160, cikinsu 48 sunka danna

Kada ka damu in jimillar Clarity ba ta yi daidai da ta Analytics ko ta Search Console ba, ba su taɓa yin daidai, kowa da yadda yake ƙirgarshi. Lissafin da za mu yi duk daga Clarity za a ɗauko shi, kar a gauraya.

Kuskuren da na fi gani nan shi ne mutum ya kalli jerin ya ce na biyar ya fi lalacewa tunda 180 kaɗai sunka gan shi cikin 500. A'a. Ko wane shafi a duniya ƙasanshi ya fi samanshi ƙarancin masu gani. Abin da ake aunawa shi ne cikin waɗanda sunka iso sakin layin, nawa sunka kasa wuce shi:

```
asara = (isowa - wucewa) / isowa * 100
```

Na farko ya zubar da 60 cikin 500, kashi 12. Na biyu 40 cikin 440, kashi tara. Na ukku 190 cikin 400, kusan rabi. Na huɗu 30 cikin 210, kashi 14. Na biyar 20 cikin 180, kashi 11. Kamar tiyon ban ruwa ne a fadama, in ruwa bai isa ƙarshen gona ba ba bakin tiyon ake dubawa ba, bin shi ake har a kai inda ƙasa ta jiƙe. Nan na ukku ne ya jiƙe.

Dawo da bawuns ɗin nan na 34 cikin ɗari. Kashi 12 kaɗai sunka tsaya a sikirin na farko, amma kusan kashi ɗaya cikin ukku sun fita kafin sakan 10. Ke nan da yawa ba karantawa sunka yi ba, sun ja shafin da yatsa fuu suna neman wani abu, ba su gani ba, sunka koma. Me suke nema? Takardarka ta mataki na ukku ta riga ta faɗa: farashi.

In ba ka da Clarity, kar ka dogara da `scroll` na Analytics, don sau ɗaya yake bugawa, sai mutum ya kai kashi 90 na shafin, wanda ba ya nuna maka tsakiya. Yi amfani da `Scroll Depth` na Tag Manager ka sa 25, 50, 75, ko mafi kyau `Element Visibility` a kan kowane sakin layi.

6. Tabbatar da wanda ake zargi kafin ka yanke mashi hukunci

Taswira tsawon shafi take aunawa, ba ta san sakin layi ba. Sikirin ɗin waya kan ɗauki ƙarshen wani da farkon wani a lokaci ɗaya, don haka zubewar da ka jingina wa na ukku na iya zama ta abin da ke tsakanin na ukku da na huɗu: talla, ko babban hoto, ko fili fari mai faɗi da ke sa mutum ya ɗauka shafin ya ƙare. Buɗe wayarka ka tsaya daidai wurin ka kalla da idonka.

Sannan koma taswirar dannawa, `Tap` in masu waya ka zaɓa, ka duba `Dead clicks`, wato inda mutane ke dannawa ba abin da ke faruwa. A ce hoton buhun da ke gefen sakin layi na ukku ya sha danna. Mutane na zaton in sun taɓa shi farashi zai fito. Wannan shaida ta biyu ke nan. Ta ukku, shiga `Recordings` ka kalli kamar goma na waɗanda sunka fita ba su danna WhatsApp ba. Kallon na da gundura, amma nan ne za ka bambance mai karantawa a hankali ya tsaya, da mai ja sama ja ƙasa yana laluben lamba. Kar ka jinkirta, Clarity na ajiye bidiyon kwana 30 ne sai wanda ka adana.

Akwai kuma fita mai kyau, wadda ba a gyara ta. Da a ce lambar waya da adireshin shago na cikin sakin layi na ukku, to 190 ɗin nan ƙila sun samu abin da sunka zo nema ne, sun kwafe lamba sun kira. Sakin layin da ya biya buƙata ma yana zubar da mutane. Tambayar da za ka yi ita ce, wanda ya fita daga nan ya fita da amsa ko hannu rabbana? A misalinmu tarihin inji ne da yabon kai, babu amsar komai ciki.

7. Auna ribar gyaran, don ka san wanne ne farko

Wani zai ce ai sakin layi na farko kowa ke gani, shi ya kamata a fara. Bari mu gwada. A ce gyara zai riƙe rabin masu zubewa. In na farko ka gyara ka riƙe 30. Daga sakin layi na biyu zuwa botin, 160 cikin 440 ke isa, wato cikin 30 ɗin wajen 11 za su kai, kuma tunda ukku cikin goma ke dannawa, ka samu ƙarin saƙo ukku. In na ukku ka gyara ka riƙe 95. Daga na huɗu zuwa botin 160 cikin 210 ke isa, wajen 72 ke nan, ukku cikin goma ya ba ka wajen 22. Ukku da ashirin da biyu ba su haɗa hanya ba. Gyara na farko alhali na ukku na nan yadda yake, ƙara turo mutane ne kawai zuwa inda za su zube.

Wannan ƙiyasi ne, waɗanda ka riƙe da ƙyar ba lallai su yi ɗokin saye kamar waɗanda sunka isa da kansu ba. Amfaninshi jera aiki ne, ba alƙawarin ciniki ba.

In asarar biyu ta yi kusa da juna, ɗauki wanda ya fi sama. In zubewar ta faru bayan botin, ƙyale ta, ba ta ci maka komai ba. In kuma baƙinka ba su kai ɗari biyu ko ukku a wata ba, ni dai ba na yarda da kashi-kashin, don mutum biyar kan juya lambar gaba ɗaya. Faɗaɗa zuwa wata ukku, ko ka bar lissafi ka miƙa wa mutum huɗu ko biyar wayarka ka ce su nemo maka farashin buhu, ka yi shiru ka kalli inda yatsansu ke tsayawa. Kuma ka cire kanka daga ƙirga, kai da yaran shago masu buɗe shafin kullum. Toshe IP na aiki in layin ofis ne tsayayye, amma da datar waya lambar na canzawa, don haka rage yawan buɗe shi kawai.

8. Gyara guda ɗaya, rubuta kwanan wata, jira

Kwafe tsohon sakin layin ka ajiye. Sabon ya buɗe da amsar tambayar da ke `Queries`, a jimlar farko. A misalinmu: farashin buhu kilo 50 na kowane iri, da ranar da anka sa farashin, da nawa ake ragewa in mutum zai ɗauki buhu goma ko fiye. In mai kaya ya ce kasuwa na motsi ba zai rubuta farashi ba, wanda hujja ce mai ƙarfi a harkar shinkafa, to a rubuta daga nawa zuwa nawa a wannan satin, a sa linkin WhatsApp nan take mai cewa tambayi farashin yau. Hoton buhun da ake ta dannawa a banza a mai da shi linki shi ma. Tarihin injin a rage shi zuwa jimla biyu a kai shi ƙasa da botin, mai son sani zai same shi.

Kada ka taɓa take, ko launin botin, ko sauran sakin layin a wannan zagayen, in ba haka ba ba za ka san wanne ya yi aiki ba. Bayan kwana 28 ka sake cika jerin mataki na biyar. Abu ɗaya da zai ruɗe ka: tunda tsawon shafin ya canza, kashi 50 na da ba shi ne kashi 50 na yanzu ba, don haka da farkon sakin layi za ka sake aunawa, kuma ka tabbatar kwanakin da ka zaɓa duk na bayan gyaran ne. Ka kuma kula da lokaci, watan azumi ko gab da sallah ko lokacin kaka ba a kwatanta su da watan da kasuwa ke kwance, masu neman shinkafa na ƙaruwa ko ka gyara ko ba ka gyara ba. Shi ya sa ba yawan saƙo za ka kalla ba, saƙo nawa cikin kowane baƙo ɗari za ka kalla. A da 48 cikin 500 ne, kusan goma cikin ɗari.

Kar ka tsorata in masu isa sakin layi na huɗu ba su ƙaru ba. Tunda yanzu akwai linki a na ukku, wasu daga nan za su wuce WhatsApp, sai ka haɗa dannawar linkin biyu ka raba da jimillar baƙi. In ta haura goma cikin ɗari sosai, bar shi haka ka koma kan mai biye mashi a asara, a jerinmu na huɗu ne mai kashi 14, na kai kaya, ka duba ko ya faɗi garuruwan da ake kaiwa da wanda ke biyan kuɗin mota. In ba ta motsa ba, koma `Recordings` na bayan gyaran ka ga ko mutane na tsayawa kan farashin sannan su fita, don in haka ne rubutun ya yi aikinshi, sauran zancen tsakanin mai kaya ne da farashin da ya sa.